Jinin da Aka Ɗiba Bayan Sahur

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin duba masu ciwon ƙoda. Labarin da zan bayar na wani bawan Allah ne da muke bin lafiyarsa, malamin makarantar sakandare, wanda ya amince a faɗi abin da ya same shi muddin ba a kama sunansa ba. Malam muke ce masa, haka kuma zan riƙa kiransa a nan.

Hawan jini ne ya cinye masa ƙoda. Ya daɗe da shi bai sani ba, sai da ƙafafu suka fara kumbura, abinci ya fita masa a rai, sannan aka gano ƙodojin sun riga sun gaza. Ya shiga wankin ƙoda sau biyu a mako, albashi ya ƙare a hanya, aka sayar da gonar gado. Daga baya ƙanensa ya ba shi ƙoda ɗaya, aka yi dashen a ƙasar waje, Allah ya sa aka dace. Ya dawo gida da ƙoda mai aiki da kuma magunguna uku da zai riƙa sha muddin ƙodar na jikinsa: takrolimus, maikofenolet da firedinisolon. Maganarmu a kan na farkon take.

Garkuwar jiki ba ta san zumunci ba. Ko ƙodar ɗan'uwanka ce uwa ɗaya uba ɗaya, baƙuwa take ganinta, kuma in an bar ta za ta kai mata hari. Takrolimus ne ke danne ta. Wahalar wannan magani ita ce tazarar da ke tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa ba ta da faɗi. In ya yi kaɗan jiki ya fara ƙin ƙodar. In ya yi yawa shi da kansa yana matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin ƙodar har ta fara gazawa. Abin da ya ƙara dagula lissafi, duka biyun alama ɗaya suke nunawa a gwajin jini, wato kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau. Likita na kallon kiriyatinin ya tashi, amma ba zai iya sanin ko ƙara magani zai yi ko ragewa ba sai ya san yawan maganin da ke yawo a jini.

Kuma ba a iya sanin haka daga ƙirga ƙwayoyi. Abin da ke shiga jini daga abin da aka haɗiya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ba, shi ma yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Mu baƙar fata da yawanmu muna ɗauke da wani sinadarin hanta da hanji da ake kira CYP3A5 a yanayinsa mai aiki, wanda ke saurin narkar da takrolimus, shi ya sa sau da yawa muke buƙatar magani fiye da Bature mai nauyinmu kafin mu kai ma'auni ɗaya. Saboda haka dole sai an auna.

Malam yana shan miligiram 3 da ƙarfe 8 na safe, miligiram 3 da ƙarfe 8 na dare. Likitansa ya ajiye masa iyakar maganin a jini tsakanin 5 da 8 ng/mL, daidai da wanda ya wuce shekarar farko lafiya. A watannin farko bayan dashe akan riƙe mutum sama da haka, sannan a riƙa sassautawa. Sakamakonsa kuwa kullum yana cikin layi, yau 6.4, gobe 7.1, wani lokaci 6.6, kiriyatinin kuma yana zaune wajen 118 µmol/L. Mutum ne mai tsari. Yana da littafin rubutu irin na ɗalibai, ya ja layi da jan biro, kowane sha sai ya rubuta lokacinsa.

Sai a tsaya a fahimci abin da lambar nan 5 zuwa 8 take nufi, don duk labarin a nan yake rataye. Maganin da ke cikin jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan Malam ya haɗiye shi da ƙarfe 8, yana hawa da sauri, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 1 zuwa awa 3, kuma a wannan lokacin yana iya ninka abin da ke jinin kafin sha sau biyu ko sau uku, wani lokaci ma fiye. Daga nan ya sauko da ɗan sauri na wasu awoyi yayin da yake bazuwa cikin sassan jiki, sannan ya koma sauka a hankali yayin da hanta ke narkar da shi. Mafi ƙasan inda yake kaiwa shi ne daf da lokacin shan na gaba, wato awa 12 bayan na baya. Wannan wuri ake aunawa. Mu a ɗakinmu awon kafin sha muke ce masa, a takardar gwaji kuma za a ga an rubuta C0. Wanda yake son sanin ko rijiyarsa za ta riƙe gida, a ƙarshen rani yake leƙa ta, ba washegarin ruwan Agusta ba.

Dalili biyu ne suka sa aka zaɓi wannan lokaci. Na ɗaya, a nan ne maganin ya fi nutsuwa. A awoyin farko minti 30 na iya sauya lamba sosai, amma a wajen awa 12 ko an yi kuskuren rabin awa bambancin bai taka kara ya karya ba. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, iyakokin da likitoci ke aiki da su an gina su ne daga jinin da aka ɗiba a wannan lokaci, aka kwatanta da yadda masu dashe suka kasance daga baya. Don haka 5 zuwa 8 ba ma'aunin takrolimus ba ne a kowane lokaci. Ma'aunin awa 12 ne bayan sha. Jinin da aka ɗiba a awa 2 ko awa 3, ko da na'ura ta auna shi daidai ba kuskure ko ɗigo, ba shi da abin da za a kwatanta shi da shi a wannan iyaka.

Yadda ake yin awon ba shi da wuya, sai dai kowane mataki na da inda yake karkacewa. Mai jinya zai sha na dare a kan lokacinsa, ƙarfe 8, ba ya matsar da shi gaba ko baya don gobe akwai awo. Da safe ba zai sha ba. Zai sako ƙwayoyin a aljihu da gorar ruwa, ya iso ɗakin ɗibar jini kafin ƙarfe 8, a ɗiba tsakanin 7:30 da 8:00, yana fitowa ya haɗiye maganinsa a nan bakin ƙofa. Sauran magungunansa, kamar na hawan jini, ba su da matsala sai in likita ya ce wani abu daban. Jinin kuwa mililita 2 zuwa 3 ya isa, a kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu wadda aka rubuta EDTA a jikinta, a juya ta a hankali don kada jinin ya daskare. Ba a tace shi, ba a raba ruwa da ƙwayoyin jini, domin mafi yawan takrolimus yana cikin jajayen ƙwayoyin jini ne. Wanda ya zuba shi a kwalbar da ake gwajin kiriyatinin ya aika ruwan jini kaɗai, lambar da za ta fito ba ta da amfani. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa mai ƙarancin jini sosai awonsa kan nuna ƙasa, alhali maganin da ke aiki a jikinsa bai ragu haka ba.

Sai takarda. Abu huɗu ya kamata su hau kanta: yawan maganin da ake sha, rana da lokacin da aka sha na ƙarshe, lokacin da allura ta shiga jijiya, da ranar da aka yi canjin magani na baya. A ganina wannan layi na biyu da na uku sun fi komai daraja a takardar, kuma su ne aka fi bari fayau. Masu dashe a ƙasar nan da yawansu an yi musu aikin a Indiya ko Masar, ko a Legas, Abuja ko Kano, sannan kowa ya koma garinsu. Ba kowane ɗakin gwaji ke da na'urar auna takrolimus ba, saboda haka sai a ɗibi jini a gari ɗaya, a auna a wani gari, likita ya karanta sakamakon a waya bayan kwanaki. Jinin kansa yana jure tafiyar, don maganin ba ya lalacewa da wuri a cikin kwalbar. Abin da ke ɓacewa a hanya shi ne labarin lokaci.

Da Malam ya shiga shekara ta uku da dashe, ya nemi izinin yin azumi. A shekarar farko ba a barin mai dashe ya yi, amma tunda ƙodarsa ta zauna, kiriyatinin bai motsa ba, likita ya yarda da sharaɗin ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kuma karya azumin in ya ji wani sauyi. Aka mayar da maganin safe zuwa sahur, ƙarfe 5:00, na dare kuma zuwa buɗa-baki, wajen 6:40. An yi maganar ruwa, an yi maganar lokacin sha. Lokacin awo ne bai shigo cikin hirar ba.

Ranar tara ga azumi ranar awonsa ce. Ya yi tunani irin na mai hankali: in ya riƙe maganin sahur kamar yadda ya saba riƙe na safe, to bayan an ɗibi jini ba shi da halin sha sai magariba, ke nan ya tsallake sha ɗaya ɗungurungum, abin da aka sha gargaɗinsa a kai. Sai ya sha da ƙarfe 5:00, ya yi sallah, ya biya ɗakin gwaji a kan hanyarsa ta makaranta, aka ɗibi jini da 7:30 kamar kullum. Mai ɗibar jinin ya ga fuskar da ya sani a lokacin da ya saba ganinta, bai tambayi komai ba. A takarda an rubuta C0. A gaskiya kuwa jinin awa 2 da rabi ne bayan sha, kusan a kan ƙololuwa.

Bayan kwana biyar sakamako ya fito: 16.8 ng/mL. Likitan da ke riƙe da aiki a ranar, wanda ba shi ne ya saba ganin Malam ba, ya ga lambar da ta ninka saman iyaka, ga mutum yana azumi cikin zafi, ya ji tsoron guba a ƙoda. Aka kira Malam a waya aka ce ya koma miligiram 1.5 safe da dare, ya sake awo bayan mako guda.

Ba na ganin tsoron likitan a matsayin wauta. Takrolimus 16.8 na gaskiya a shekara ta uku abin tashin hankali ne. Amma akwai abubuwan da ke gefen lambar da ba su tafi tare da ita ba. Kiriyatinin na wannan rana 120 ne, bai motsa ba. Fotasiyam lafiya lau, alhali yawan takrolimus yakan ɗaga shi. Hannun Malam ba ya rawa, ba ciwon kai, ba rashin barci, sukarinsa bai hau ba. Rashin waɗannan alamu shi kaɗai ba ya wanke lamba, don wani maganin na yi masa yawa ba tare da ya ji komai ba. Sai dai idan awo ya yi tsalle daga 6.6 zuwa kusan 17, dole akwai abin da ya tura shi, kuma abubuwan da ke iya yin haka sanannu ne. Gudawa mai tsanani tana ɗaga takrolimus, saɓanin yadda mutane ke zato, domin hanjin da ya ƙwaɓe ba ya iya narkar da rabon da ya saba narkarwa kafin maganin ya shiga jini. Fulukonazol da ake sha don ƙaiƙayi da farin baki yana ɗaga shi. Haka kilaritromaisin da eritromaisin da ake saya a kemis don tari, da diltiyazem na hawan jini, da lemon taɓa. Ciwon hanta ma yana yi, haka kuskuren ɗaukar ƙwaya mai miligiram 5 a zaton mai miligiram 1 ce. Malam ba shi da ko ɗaya. Idan aka bi waɗannan aka ga babu, abin da ya rage shi ne lokaci, kuma tambaya ɗaya a wayar nan ta isa ta warware shi. Abin da ya dace a ranar shi ne a bar magani yadda yake, a sake ɗiba daidai washegari.

Awon mako gudan bai yiwu ba. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, ga hidimar sallah ta taho, ga hutu, ga tafiya ƙauye gaida iyaye. Malam kuma yana jin kansa garau, domin jiki kan fara ƙin ƙoda shiru, ba zafi ba zazzaɓi. Sai bayan kusan mako biyar ya dawo, uwargidansa na biye da shi, ita ce ma ta matsa saboda ta ga sawun safa na kwantawa a ƙafarsa. Jininsa ya hau, fitsari ya ragu, kiriyatinin ya kai 171. An ɗibi awon kafin sha a wannan karo yadda ya kamata, tunda ya koma shan ƙarfe 8, ya fito 3.2.

Lambar nan 3.2 ita ce ta tona asirin ta baya. A yawancin lokaci takrolimus yana bin lissafi miƙaƙƙe: in aka raba magani biyu, awon kafin sha ma yakan rabu kusan biyu. In da 16.8 gaskiya ce, rabin magani zai ba da wajen 8. Tunda 3.2 ya bayar, to asalin awon a cikin azumi bai wuce 6 da ɗoriya ba, wato inda yake tun fil azal.

Na ce masa, "Malam, ranar da aka ɗibi jinin nan na cikin azumi, ƙarfe nawa aka sha na safe?"

Ya buɗe littafinsa ya bi layi da yatsa. "Ga shi nan Sista, biyar daidai, da sahur."

"Jinin kuma fa?"

"Bakwai da rabi. Ai ban makara ba."

Uwargidan ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Sista, wani abu ne?" Na ce mata maganin bai taɓa yi masa yawa ba, an dai auna shi ne a lokacin da yake kan ganiyarsa. Malam ya yi shiru, sannan ya ce da an tambaye shi da ya faɗa, ga shi a rubuce.

An ɗebi ɗan tsokar ƙodar da allura aka duba, aka tabbatar jiki ya fara ƙin ta. Aka kwantar da shi, aka yi masa metilfiredinisolon miligiram 500 ta jijiya kullum har kwana uku, aka mayar da takrolimus yadda yake da ɗan ƙari na wani lokaci. Ba a sake awo washegari ba, sai da aka bar kwana uku. Dalili kuwa, bayan kowane canji jini na buƙatar lokaci kafin abin da ke shiga da abin da ke fita su daidaita. Rabin takrolimus kan bar jini a cikin kamar awa 12 ga mutane da yawa, wasu ya fi haka tsawo, kuma sai an yi irin wannan tsawon sau huɗu ko biyar kafin awo ya zauna. Wanda ya ƙara magani yau ya auna gobe zai ga lambar ba ta kai ba, ya sake ƙarawa, bayan kwana huɗu ya tarar ya wuce gona da iri.

Kuskuren lokaci ba gefe ɗaya yake faɗuwa ba, kuma ɗaya gefen ya fi yawa a wurinmu duk da bai kai wannan ban tsoro a ido ba. Mutum ya sha na dare da ƙarfe 8, ya riƙe na safe kamar yadda aka ce, amma ya taso daga wani gari, ya tsaya layin biyan kuɗi, ya tsaya layin kati, ba a ɗibi jininsa ba sai ƙarfe 12 na rana. Wannan awon awa 16 ne. A wannan sashe na sauka a hankali, maganin kan ragu da kamar kashi 5 zuwa 6 cikin 100 a kowace awa, don haka awa huɗu na cin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda asalin awonsa 6.0 ne sai a ga 4.8. Ya faɗo ƙasa da iyaka a takarda alhali lafiyarsa ƙalau, a ƙara masa magani, watanni su tafi ƙodarsa na shan abin da ya fi ƙarfinta, ga ƙarin kuɗin ƙwayoyi. Akwai kuma wanda ya ji an ce kada a sha magani kafin awo, sai ya bar har na daren jiya. Nasa awon na awa 24 ne, zai nuna kusan rabin gaskiya. A duba da kyau: mai 6.6 da ya tsallake na dare zai nuna wajen 3.3, lamba ɗaya da ta Malam bayan sallah. Ɗaya yana buƙatar a yi masa bayani kawai ya sake zuwa, ɗayan yana buƙatar gado a asibiti. Na'ura ba ta iya raba su.

Idan jinkirin na awa ɗaya ko biyu ne kuma an rubuta shi, likita na iya yin gyara a ransa ya ce asalin ya ɗan fi haka. Amma jinin da aka ɗiba bayan sha ba ya gyaruwa da lissafi. Tsayin ƙololuwa da lokacin zuwanta suna sauyawa da abin da ke cikin ciki, da saurin hanji, da jikin mutum, ta yadda ba wanda zai ce 16.8 a awa 2 da rabi daidai take da kaza a awa 12. Irin wannan sakamako ajiye shi ake yi, a sake ɗiba. Shi ya sa in mai jinya ya iso ya ce ya manta ya sha, gara a mayar da shi ya dawo gobe da a karɓi kuɗinsa.

Wani zai ce to ai sai a kafa doka ɗaya, kowane magani a auna shi kafin sha. Ba haka abin yake ba. Saikulosforin, wani maganin danne garkuwar jiki da wasu waɗanda suka daɗe da dashe ke sha har yanzu, wasu likitoci da gangan suke auna shi awa 2 cif bayan sha, suna rubuta C2, kuma iyakarsa daban ce da ta C0 nesa ba kusa ba. A nan ma minti 15 ne kawai rangwame. Takrolimus mai sakin kansa a hankali da ake sha sau ɗaya a rana, awon kafin shansa a awa 24 yake. Digoksin na masu ciwon zuciya ba a ɗibarsa sai an yi aƙalla awa 6 da sha, don kafin nan bai gama barin jini ya shiga tsoka ba. Kowane magani da lokacin da aka gina iyakarsa a kai, kuma wanda ya rubuta takardar awo shi ke da alhakin faɗa wa mai jinya lokacin a fili, da ƙarfe da minti.

Da azumi na gaba ya matso, Malam ya sake neman izini, likita ya hana shi na wannan shekara saboda abin da ƙodar ta sha, ya ciyar. Amma an zauna an tsara yadda za a yi da sauran masu dashe da aka yarje wa. Mai shan magani da sahur da buɗa-baki ba ya kan awa 12 da 12. Daga 5:00 zuwa 6:40 na yamma awa 13 da minti 40 ne, daga nan zuwa sahur kuma awa 10 da minti 20. Ke nan yana da awon kafin sha iri biyu. Na daf da sahur zai ɗan fi wanda aka saba gani, na daf da buɗa-baki zai ɗan gaza. Ga mai 6.6, ana iya ganin sama da 7 kaɗan a na farko, wajen 6 a na biyu, ba tare da wani abu ya lalace ba. Tunda ba ɗakin gwajin da ke buɗe da ƙarfe 4:30 na asuba, na yamma ake zaɓa: a ɗiba tsakanin 6:00 da 6:30, a rubuta cewa an sha na ƙarshe da 5:00 na asuba, a sha magani da an kira sallah. Kuma ba a yin awon a kwana biyun farko na azumi, sai sabon tsarin ya zauna.

Sai abinci, wanda azumi ke cusa shi cikin lissafin ko ba a so. Takrolimus ya fi shiga jini in ciki ba komai, awa 1 kafin abinci ko awa 2 zuwa 3 bayansa, kuma abinci mai maiƙo yana rage abin da ke shiga. A azumi kuwa duka shan biyu suna faɗowa a bakin kwano. Wanda ya haɗiye maganinsa a kan ƙosai da soyayyen dankali ba daidai yake da wanda ya sha da ruwa da dabino ya tafi sallah ba. Abin da muke ce musu shi ne da buɗa-baki a fara da magani da ruwa, a jinkirta mai nauyi gwargwadon iko, da sahur kuma a zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa har ƙarshen wata. In awon yamma ya ɗan sauka, likita ya san akwai tsawon awa da abinci a ciki kafin ya taɓa yawan magani. Wasu likitoci kan mayar da mai jinya kan mai sha ɗaya a rana tun kafin azumi ya kama, amma wannan canji ne da ke buƙatar nasa awon, ba a yin sa a kemis.

Kiriyatinin na Malam bai koma 118 ba. Ya sauko ya tsaya wajen 135, a nan yake har yanzu, ƙodar na aiki, ya koma aji yana koyarwa. Yana kan miligiram 3 safe da dare, awonsa na baya 6.9, an ɗiba da 7:50 bayan shan ƙarfe 8 na daren jiya. A ɗakinmu kuma yanzu ba a karɓar takardar takrolimus sai da lokutan nan biyu a rubuce, kuma sakamakon da ya kauce daga na baya da yawa ba a canza magani a kansa sai an kira mai shi an tambaye shi lokacin sha, gudawa, da sabon maganin da ya saya.